Furofozal ɗina kan sababbin nas masu barin ƙauye: wa zan yi wa hira, kuma mutum nawa?

Ummi_Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina digiri na biyu a fannin jinya kuma wata mai kamawa zan kare furofozal ɗina. Abin da nake son bincikawa shi ne dalilin da ya sa sababbin nas da ake turawa ƙauye a Jigawa ba sa daɗewa, wasu ko shekara ba sa rufawa sai ka ji sun koma gari. Binciken na hira ne baki da baki, ba na raba takardar tambayoyi ba. Abin da na rubuta shi ne zan ɗauki ƙananan hukumomi 6 cikin 27 da muke da su, biyu daga kowace shiyyar sanata, in je asibitocin in yi hira da nas 15 da shugabannin asibiti 6, na kuma tsara tambayoyi 22. Sufabaizana ya dawo min da shi ya ja jan biro ƙarƙashin wurin zaɓen mutanen, ya rubuta wai su wa nake zaton zan tarar a can, daga nan ya yi tafiya taro sai sati biyu zai dawo. Masu ilimin abin ku taimaka, me yake nufi, kuma 15 ɗin ta isa?

Sadiq_Lab:
Wa alaikumus salam. Anti 15 ai ta yi kaɗan sosai, ranar difens za su cinye ki ɗanya. Mu lokacin da muka yi namu da fomula aka fitar da adadin, 384 ta ba mu kuma sai da muka ƙara kashi 10 saboda waɗanda ba za su dawo da takarda ba. Ina ga abin da malamin naki ke nufi ke nan.

Malam_Habu_Bincike:
Sadiq ba nan matsalar take ba. 384 ɗin nan ta masu ƙirga ce, idan kana son ka ce kashi kaza cikin ɗari na mutane suna da kaza, shi ne kake buƙatarta. Ita ba ƙirga za ta yi ba, so take ta gano yadda abin ke faruwa har mutum ya tattara kayansa. Kuma ka lissafa, hira 384 ta awa ɗaya ɗaya wa zai rubuce ta?

Malama Ummi, abin da sufabaizanki ya gani shi ne wannan. Tambayarki a kan waɗanda suka tafi ce, amma kin tsara za ki je inda suka bari. Wanda za ki tarar a asibitin ƙauye ranar da kika je shi ne wanda bai tafi ba. Idan kika tambaye shi me ya sa abokan aikinsa suka tafi zai ba ki amsa kam, amma hasashensa zai ba ki ko abin da aka ce an ce. Shugaban asibiti kuma zai ce miki 'yan zamani ne ba sa son wahala, ko aure ta yi, domin abin da aka rubuto masa ke nan a takardar neman canjin wuri. Idan kika bar shi a haka, taken da ya dace da aikin shi ne ra'ayin waɗanda suka zauna game da waɗanda suka tafi, wannan ma bincike ne amma ba shi kika ce za ki yi ba. Mutanenki suna Dutse, suna Kano, suna asibitocin kuɗi, wasu suna aiki da ƙungiyoyi, wasu suna gidan miji ba sa aikin ma kwata-kwata. Can za ki bi su.

Ummi_Ringim:
Allah ya saka da alheri Malam, yanzu na ga inda jan biron ya nufa. To amma ta ina zan same su? Na yi tunanin in rubuta wa ma'aikata su ba ni jerin sunayen waɗanda aka tura da waɗanda suka bar wurin.

Sista_Rabi:
Kafin ki nemi jerin suna 'yata, ki fara zama ki yanke abin da kike kira tafiya, don na shekara da shekaru ina duba aikin nas a ƙananan asibitoci kuma tafiyar ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ta bi hanya aka yi mata canji zuwa gari, tana nan a aikin gwamnati. Akwai wadda ta ajiye aikin gaba ɗaya. Akwai wadda ta nemi izinin ƙaro karatu ba don karatun ba sai don ta fita daga wurin. Sannan akwai wadda har gobe sunanta na kan jadawalin aiki, albashinta na shiga, amma kwana biyu take zuwa a sati ko ta haɗa duti ɗinta na wata ta yi a sati guda ta koma gari. A takarda wannan ta ƙarshen ba ta tafi ko'ina ba, amma mai naƙudar da ta zo daren Laraba ba za ta same ta ba. Jerin ma'aikata ba zai taɓa nuna miki ita ba, kuma a ganina labarinta ya fi na kowa amfani.

Sai maganar ƙauye. Yawancin ƙananan asibitocin mazaɓu ma'aikatan lafiyar al'umma da ake kira CHEW ne ke riƙe da su, in an yi sa'a da ungozoma ɗaya. Nas mai rajista galibi babban asibitin hedikwatar ƙaramar hukuma ake kai shi. To Birnin Kudu ko Hadejia ko Gumel ƙauye ne a wajenki? Yarinyar da ta tashi a Kano za ta ce miki e, wadda ta tashi a Guri za ta ce birni aka kai ta. Ki rubuta ma'auni ɗaya a furofozal ki tsaya a kansa, in ba haka ba a difens nan za a fara kama ki.

Abu_Hanif:
Ni fa ban ga abin bincike a nan ba, da girmamawa. Kowa ya san amsar. Albashi ba ya isa, babu wuta babu ruwa, matan kuma da an ɗaura aure miji ya ce ba za ta zauna a ƙauye ba. Ga kuma masu fita waje, ai magatakardan NMCN, hukumar da ke yi wa nas da ungozomomi rajista, da kansa ya faɗa a farkon 2024 cewa nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Gara ta yi a kan masu fita Ingila da Saudiyya ma, ya fi ɗaukar hankali.

Nas_Jamila92:
Yaya Abu_Hanif bari in ba ka nawa, sai ka gani ko kowa ya san amsar. Ni ba a Jigawa na yi ba kuma ba zan faɗi wurin ba. A takardata ta neman canji aure na rubuta, kuma gaskiya ne an sa min rana a lokacin, amma wallahi wanda zan aura bai taɓa cewa in bar wurin ba, shi cewa ma ya yi in daure. Abin da ya fitar da ni wani dare ne da aka kawo wata mata haihuwa ta bakwai, ta haihu lafiya sai jini ya ɓalle. Ni kaɗai ce a wurin sai mai shara da ta riƙe min fitilar waya. Oksitosin ɗin da muke da shi firjin ya daɗe ba ya aiki kuma kun san allurar nan sanyi take so, na yi mata ban ga mahaifa ta tsuke yadda ya kamata ba, misofurostol ya ƙare, na sa mata ruwa ina ta murza cikin ina kiran shugaban wurin wayarsa a kashe. Sai da mijin ya zagaya gari ya samo mota muka tafi babban asibiti ina bayan mota da ita ina riƙe da ledar ruwa. Ta rayu alhamdu lillah. Amma washegari babu wanda ya tambaye ni yaya aka yi, babu wanda ya zauna da ni ya ce nan kin yi daidai nan ga yadda za ki yi gaba, abin da kawai aka tambaye ni shi ne me ya sa ban cike rajista ba. Ban daɗe da fitowa daga makaranta ba a lokacin. Daga wannan daren duk sanda na ji ƙarar babur a ƙofa da dare sai gabana ya faɗi.

Da Ummi ta zo da takarda mai akwatuna, albashi, aure, masauki, tsaro, aure zan zaɓa in miƙa mata. Har ma da hira ta zo ta ce me ya sa kika bari, aure zan ce, saboda ita ce amsar da ba a yi wa mutum tambaya ta biyu a kanta.

Hauwa_MPH:
Allah sarki Jamila, sannu. Ummi ki karanta abin da ta rubuta sau biyu, domin ya taɓa tambayoyinki 22 ɗin nan. Sun yi yawa, da 22 za ki koma kina karanto tambaya tana ba ki amsa jimla ɗaya ɗaya, takardar tambayoyi ce kawai da baki. Ki rage su zuwa 7 ko 8 kuma ki jera su yadda abin ya faru a rayuwarta. Ki fara da ranar da ta ga sunanta a jerin fostin, wa ta fara gaya wa, me aka ce mata a gida. Sai ranar da ta isa, wa ya tarbe ta, ina ta kwana a daren farko. Sai ki ce ta ba ki labarin dutin dare ɗaya da ba ta manta ba. Sai wa take kira idan abu ya fi ƙarfinta. Can gaba ki tambaye ta yaushe ne ta fara jin ba za ta zauna ba, da kuma abin da ya faru tsakanin wannan ranar da ranar da ta tafi da gaske, don sau da yawa akwai watanni a tsakani kuma a nan ne za ki ga waye ya taimaka aka yi canjin, me ta gwada kafin ta haƙura. Tambayar dalili kai tsaye ki ajiye ta ƙarshe, kuma ki raba ta biyu, me kika rubuta a takarda, me kika gaya wa ƙawarki. Idan ta yi shiru kar ki yi saurin cike shirun, ki bari ta gama tunani, in ta tsaya ki ce sai me ya faru.

Kuma ki gwada tambayoyin a kan mutum biyu da ba za su shiga binciken ba, ki saurari rikodin ɗin. Idan kin ji muryarki ta fi tata yawa to da gyara.

Abu_Hanif:
Na ji labarin Jamila kuma Allah ya ba ta lada. Amma fa firji da mota da rashin ma'aikata duk maganar kuɗi ce a ƙarshe, ban ga ta ƙaryata ni ba.

Malam_Habu_Bincike:
Ba ta ƙaryata ka ba, amma duba abin da ke biyo baya. Idan aka ce dalili albashi ne, maganin shi ne alawus na zaman ƙauye. Idan aka ce dalili shi ne an bar sabuwar nas ita kaɗai babu babba a kanta, maganin shi ne kar a tura sabuwa inda babu wata gogaggiya, ko a haɗa ta da wadda za ta iya kira ƙarfe biyun dare. Kuɗin da za a kashe ba ɗaya ba ne, ofishin da zai yi aikin ma ba ɗaya ba ne. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 kan riƙe ma'aikata a karkara, waɗanda aka sabunta a 2021, gida huɗu suka kasu: karatu, dokokin aiki, kuɗi, sai tallafi ga mutum a rayuwarsa da sana'arsa. Kuɗi ɗaya ne cikin huɗu. Ummi za ta iya ɗaukar wannan rabon ya zama madubinta a babi na biyu, amma kar ta tilasta wa maganar mutane shiga gidajen nan huɗu in ba ta shiga ba.

Ungozoma_Talatu:
Ni dai ina goyon bayan Abu_Hanif rabi. Ku tuna shirin MSS da aka fara a 2009, aka tura ungozomomi sababbi da waɗanda suka yi ritaya ƙananan asibitocin karkara, tsarin shi ne tarayya ta biya nata kason, jiha ta biya nata, ƙaramar hukuma ta ƙara nata ta kuma ba da masauki. A wurare da dama kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa daidai ba, masaukin ma wani wurin ɗaki ne a cikin asibitin. Mutane da yawa a kan haka suka watse. Don haka Ummi kar garin neman labari mai zurfi ki ƙi tambayar kuɗi. Ki tambaya wata nawa ta yi kafin albashin farko ya shigo da kuma wa ya ciyar da ita a watannin, nawa take kashewa a mota in za ta je gida.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan matasa da yawa da kwantaragi suke farawa a likitocin karkara da muke kira CSI, ba a ɗauke su aikin dindindin ba, to mutum idan ya samu ƙungiya mai biya da kyau sai ya tafi. Shawarata ki rubuta matsayin aikin kowa a lokacin da yake ƙauyen, na dindindin ne ko na wucin gadi ko sa kai, don wanda ba a ɗauka ba in ya tafi ba za a ce ya gudu ba.

Ummi_Ringim:
Na gode ƙwarai, duk ina rubutawa. Anti Jamila Allah ya biya ki. Na dawo kan tambayata ta samun mutanen. Ni ina koyarwa a wata makarantar jinya, ɗalibaina da suka gama suna da guruf na WhatsApp kowane saiti da nasa kuma ina cikin wasu, ina ga ta nan zai fi min sauƙi, in saka sanarwa kawai.

Sista_Rabi:
Tsaya 'yata, wannan da kika faɗa yanzu babba ce kuma ba ki sa ta a bayaninki na farko ba. Ke malamarsu ce. Yarinyar da kika koyar, kika sa mata maki, wataƙila gobe wajenki za ta zo neman takardar shaida, kina ganin za ta iya ce miki a'a? Kuma in ta zauna gabanki za ta ce miki Malama na ji tsoro ban iya ba, ko za ta ce miki kwana biyu nake zuwa a sati? Musamman in gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatunta da sharaɗin za ta yi wa jiha aiki na wasu shekaru, wannan tana ganin in magana ta fita za a iya tsayar mata da albashi. Jerin ma'aikatar da kika ambata ma haka yake, in kika kira mutum kika ce daga ma'aikata na samu lambarki, hirar ta mutu tun ba a fara ba.

Malam_Habu_Bincike:
Hajiya Rabi ta faɗi gaskiya, kuma kwamitin ɗa'ar bincike zai tambayi wannan, ko na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na jami'arku, kuma kar ki yi hira ko ɗaya kafin takardar amincewarsu ta fito. Ga yadda zan tsara in ni ne. Sanarwar kar ta fito daga bakinki, ki ba wani wanda ba malami ba ya saka a guruf da lambar da mai sha'awa zai tuntuɓa da kansa, ta haka wanda ba ya so shiru kawai zai yi. Waɗanda kika koyar da hannunki ki samu mataimakiya ki horar da ita ta yi musu hirar, ke ki yi wa 'yan sauran makarantu. Duk wanda aka yi hira da shi a roƙe shi ya miƙa sanarwar ga wani, kar ya ba ku lambar mutum ba da saninsa ba. Illar wannan hanya ita ce ƙawa ƙawarta take kawowa, sai ki wayi gari mutum goma duk saiti ɗaya ne labarinsu ɗaya, ki ɗauka kin ƙure magana alhali da'ira ɗaya kika zagaya. Maganinsa ki fara daga mutum huɗu ko biyar da ba su san juna ba, makaranta daban shekara daban, kuma kar ki karɓi fiye da biyu ta hannun mutum ɗaya.

Adadi kuma, ni zan rubuta 20 zuwa 24. Misali 6 da aka yi wa canji zuwa gari, 6 da suka bar aikin jiha gaba ɗaya, 4 masu zuwa jefi-jefi in sun yarda, sai 6 da suka zauna suka wuce shekara biyu. A ciki lallai a samu maza, don namiji ba zai fake da aure ba kuma nasa dalilin daban ne, a samu 'yan asalin yankin da baƙi. Ki iyakance ga waɗanda suka samu rajista cikin shekara uku da suka wuce, in ya fi haka mutum ya riga ya gyara labarin a ransa. In an tambaye ki hujjar adadin, akwai aikin Guest da Bunce da Johnson na 2006, hira 60 suka yi da mata a Ghana da Najeriya suka ga yawancin jigogin sun fito a hira 12 na farko. Amma ki lura mutanensu kusan iri ɗaya ne, naki rukuni huɗu ne, shi ya sa 12 ba za ta ishe ki ba.

Hauwa_MPH:
Malam a nan zan ɗan saɓa maka. Shida ɗin da suka zauna ni ban ga wurinsu ba, tambayarta a kan masu tafiya ce, in ta sa su aikin zai faɗaɗa kuma digiri na biyu ne ba na uku ba. Sannan in za ta yi nazarin jigogi irin na Braun da Clarke mai matakai 6, su kansu daga baya sun rubuta cewa ba su yarda da maganar wai hira tana kaiwa inda babu sabon abu ba. Kar ta haɗa sunansu da wannan hujjar a shafi ɗaya, mai jarrabawa da ya sani zai kama.

Malam_Habu_Bincike:
Maganarki ta biyu na karɓa, ta zaɓi ɗaya ta tsaya a kai. Ta farko kuwa ina nan kan bakana. In duk masu tafiya suka ce babu ruwa babu wuta, ta yaya za ta san wannan ne ya kore su, alhali wadda ta zauna ita ma babu ruwan babu wutar? Bambancin ne zai nuna mata abin da ya yi aiki, wataƙila wadda ta zauna garin kakanninta ne, wataƙila ta samu babbar ungozoma da ta riƙe ta. Shirin Women for Health da aka yi a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara daga 2012 ai a kan wannan tunanin aka gina shi, a ɗauko 'yan mata daga karkara a shirya su su shiga makarantun lafiya don su koma garuruwansu. In ta samu ko biyu daga cikinsu ta ji ko komawa gida ta sa zama ya yi sauƙi ko kuwa wani nauyin ta ƙara musu, ni ina ganin ya cancanci wahalar.

Hauwa_MPH:
To sufabaizanta ya raba mu. Ni dai 4 zan sa in dole ne.

Sadiq_Lab:
Na fahimta yanzu. Amma tambaya, in ba ta ƙirga ba me za ta nuna a babi na huɗu, babu tebur babu komai?

Maman_Ilham:
Sadiq maganganun mutanen ne za ta kawo ƙarƙashin kowane jigo, tebur ɗaya ne na bayanin su waye. Kuma a nan nake son in ja kunnen Ummi don ni na yi irin wannan aikin da ungozomomi. Cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. In kika rubuta nas namiji ɗan shekara 26 da ya bar asibitin gari kaza a 2023, duk wanda ke ofishin ya san ko waye, don ƙila shi kaɗai ne. Ki rubuta shekaru a tsakani kamar 25 zuwa 29, wuri kuma ki tsaya a shiyya kar ki sauka ƙaramar hukuma, labari irin na Jamila ki cire haihuwa ta nawa ce da watan da abin ya faru. Takardar sa hannu ki ajiye ta daban da rikodin. Kar ki yi hira a cikin asibiti ko makarantarku, ki bari ita ta zaɓi wuri, wasu za su fi son waya bayan isha'i, wasu sai sun tambayi maigida kuma in yana zaune a falon ki san amsar aure za ki samu. Ki tanadi abin da za ki yi in mutum ta fashe da kuka, ki kashe rikoda ki tambaye ta ko a tsaya.

Sai lokaci, wanda kowa ke rainawa. Hira 24 ta minti 50 awa 20 ke nan na sauti. Kowace awa ɗaya tana cin awa 5 zuwa 6 wajen rubutawa, kin ga awa 100 zuwa 120 tun ba ki fara fassara ba, kuma nas Hausa da Turanci suke cakuɗawa a jimla ɗaya. Ki rubuta yadda aka faɗa, ki yi nazarinki a kan haka, abin da za ki saka a littafi kawai za ki fassara sai wani ya duba miki. Ki rubuce kowace hira cikin kwana biyu ko uku kafin ki yi ta gaba, don abin da ta farko ta koya miki ya shiga ta biyu. Ba dole sai manhajar nazarin hira ta NVivo ba, hira 24 Excel ma ya isa ko Taguette da yake kyauta ne. Kuma in akwai na wajen Auyo ko Kirikasamma cikin waɗanda suka zauna kar ki sa tafiyar a Agusta da Satumba, kin san yadda ruwa ke yi da hanyoyin can.

Dan_Gumel:
Ni ƙanwata ce ta bar fostin ɗinta kuma mahaifinmu ne ya ce ta dawo saboda ɗakin da aka ba ta ko ƙofar kirki babu. Ita tana son wurin. Me zai hana a yi hira da iyaye da mazaje su ma, tunda wani lokaci ba nas ɗin ce ta yanke ba?

Sista_Rabi:
Magana ce mai kyau ɗana amma in ta je wajen miji ko uba sirrin yarinyar ya fita, za a san ta yi magana. Sai dai a tambaye ta ita wa ya yanke, kuma da an bar mata zaɓi me za ta yi.

Ungozoma_Talatu:
Ni kuma ina ganin za a iya yi da mazajen da matansu ba sa cikin binciken, mutum uku ko huɗu. Sai dai aikin zai ƙaru.

Ummi_Ringim:
Jama'a Allah ya saka muku da alheri, na zauna na sake babi na uku tun jiya. Na cire zuwa asibitoci shida ɗin, na mayar da shugabannin asibiti 3 kawai don jin yadda ake yin canjin wuri a aikace, tambayoyi sun koma 8. Ƙauye na ce duk asibitin da ke wajen hedikwatar ƙaramar hukuma, amma ina tsoron ta haka ba zan samu nas masu rajista da yawa ba sai ungozomomi, in haka ne ko dai in faɗaɗa ma'aunin ko in sa ungozomomi a taken. Maganar waɗanda suka zauna na rubuta 4 zuwa 6 sai sufabaizana ya dawo. Abin da ya rage min shi ne masu zuwa jefi-jefi, in na rubuta su ƙarara a takardar da za ta je kwamitin ma'aikata ba na jawo musu ido ba kuwa? Hajiya Rabi, Maman Ilham, yaya kuka ga zan rubuta wannan wurin?

Maman_Ilham:
Kar ki ɓoye wa kwamiti, in suka gano daga baya ya fi muni. Ki rubuta cewa za ki haɗa da waɗanda har yanzu suna kan fostin amma zamansu a wurin ya ragu, kuma ba za ki miƙa wa kowane ofishi suna ko wurin aikin kowa ba. Ki tura min shafin ta akwatina in duba miki daren nan, gobe ina dutin safe.